Wasiƙar da Ba Ta Ce Ya Zo Ba

Da yaƙi ya rufe ofisoshi a Injamena, abu biyu na tsira da su daga wurin aikina: tsohuwar tafireta mai nauyi kamar dutsen niƙa, da girman kai. Shekara tara na yi ina akawu a wani ofishi mai kula da sha'anin dabbobi, ina buga takardu da Faransanci daga safe zuwa azahar. Ran da na ga mutane sun fara fita da kujeru a ka, na naɗe tafiretar a zanen matata, na ɗora ta a keke, na turo ta har gida a unguwar Amrigebe. Na ce wa kaina ajiya nake yi wa gwamnati. Har yau gwamnati ba ta zo karɓa ba.

A ƙofar gidanmu akwai darbejiya. Nan na kafa tebur da benci, na zama mai rubuta wa mutane wasiƙa. Aiki bai yanke mini ba, domin rabin unguwa sun tsallaka kogi zuwa Kusuri, ƙasar Kamaru, rabi kuma sun zauna suna gadin gidaje, kowa yana da abin da zai faɗa wa na wancan ƙetare. Takarda kuwa bayan tsofaffin fom na ofis nake juyawa. In ƙyallen tawada ya bushe, sai in ɗiga masa kananzir, ya ƙara ja na kwana biyu. Kowace wasiƙa ina sa mata karbon in ajiye kwafi, don haka aka koya mini, kuma ba na jin akawu ya cika akawu in ba shi da kwafi.

Da Faransanci nake rubutawa, kuma wannan ba laifi ba ne. Mu Hausawan garin nan Hausa a gida muke yin ta, Larabcin Chadi a kasuwa, boko kuma da Faransanci muka yi. A Kusuri in ka ba mutum takarda, malamin makaranta zai nema ko wani tsohon akawu irina, ya karanta ya juya masa zuwa harshen da yake ji. Wato kowace magana sau biyu take canza riga kafin ta isa: mai ita ya faɗa mini da Hausa, in mayar da ita Faransanci, wani can ya sake mayar da ita Hausa ko Larabci. A lokacin ban taɓa tsayawa na yi tunanin wannan mutum na biyu ba.

Abin da ya ƙara kumbura mini kai wata takarda ce da na buga wa wani falke. Shanunsa sun maƙale a wajen Lamaji, a bakin gari, kombatan, wato mayaƙan da ke riƙe da shingen hanya, sun hana su shigowa. Ya je da bakinsa sau biyu, suka kore shi. Na buga masa takardar neman izinin wucewa zuwa ga shugabansu, na zuba mata duk kayan adon da na sani: muƙaminsa a sama, "ina da alfarmar zuwa gabanku cikin matuƙar girmamawa" a farko, "ina jiran amsa mai daɗi daga alherinku" a ƙarshe. Mutumin nan, wanda wata shida baya ba wanda ya san shi, ya ga an rubuta masa takarda irin ta minista. Ya sa hannu, shanu suka wuce. Falke ya kawo mini cinyar rago, labari ya zaga unguwa cewa takardata tana buɗe shinge. Daga nan na ɗauka na gano sirrin rubutu: in ka ƙara wa magana nauyi, ka ƙara mata ƙarfi.

Bayan gidanmu akwai wani dattijo mahauci. Baba muke ce masa, mu duka. Yana da tebur biyu a kasuwar unguwa, ɗaya nasa, ɗaya na babban ɗansa, suna kallon juna. Mutum ne mai tsauri, maganarsa gajera, in ya ce a'a ba ya ƙara wa. Lokacin da harbi ya tsananta, ɗan ya matsa a kwashe gida duka a tsallaka. Baba ya ƙi. Suka yi cacar baki a tsakiyar kasuwa, a gaban mahauta, har Baba ya ce wanda ya bar teburinsa ya gudu, kada ya dawo ya neme shi. Washegari ɗan ya ɗauki matarsa da 'ya'yansa biyu ya shiga kwalekwale. Duk unguwa ta san wannan magana. Ni ma na san ta, kuma wannan ne abin da ba zan iya yafe wa kaina ba.

An fi shekara ba wanda ya aika wa wani ko gaisuwa. Sai wata safiya matar Baba, Inna, ta leƙo ta ce Baba yana kira, in zo da mashin ɗin rubutu. Na same shi kwance a zaure kan tabarma, ƙafafunsa sun kumbura, wuyansa ya zama siriri. Mutumin da ke ɗaga cinyar bijimi shi kaɗai, yanzu sai da na tallafa masa ya jingina da bango. Inna ta koma bayan zana ta zauna, ina jin motsinta.

"Akawu," ya ce, "maktub za ka buga mini, wasiƙa. Zuwa ga wancan."

Bai kama suna ba. Ɗan fari ne, kuma irin su Baba sun gwammace su haɗiye harshe da su ambaci sunan ɗan fari. Na san wanda yake nufi. Na zura takarda, na ce ina ji.

Ya mayar da idonsa ƙofa. Sannan ya ce:

"Ka ce masa ciwon nan ya kayar da ni, ba na jin zan tashi. Ka ce masa teburinsa yana nan, ban ba kowa ba. Ya zo in gan shi. Ya gaishe mini da yaran."

Na jira ci gaba. Ya ce, "Kalas. Shi ke nan."

Wallahi tausayinsa ya kama ni. Amma irin tausayin da ya kama ni shi ne na mai ganin dattijo ya fito taro da ɗan tofi. Na ce a raina, mutum mai daraja irin wannan, sarkin fawa ma yana saurara masa, a ce saƙonsa layi huɗu, har da zancen tebur kamar ana rabon wuri a kasuwa? Malamin da zai karanta a can zai ce wane jahili ne ya buga wannan. Gaskiya ita ce rabin damuwata darajar Baba ce, rabi kuma sunana ne, don ina sa haruffan sunana a ƙasan kowace takarda.

Na ɗauki mashin na koma ƙarƙashin darbejiya, na zauna kamar mai ɗinkin babbar riga. Na fi sa'a biyu. Na yage takarda uku. Abin da ya fito shafi ɗaya ne da rabi, kuma in na mayar da shi Hausa yadda yake, ga kaɗan daga ciki. A sama na sa: "Dalili: halin lafiya da al'amuran iyali." Sannan: "Ina da alfarmar sanar da kai ta wannan takarda cewa a 'yan kwanakin nan lafiyata ta fuskanci wasu matsaloli waɗanda suka rage mini zirga-zirga." Wannan shi ne "ba na jin zan tashi". Na ga kamar bai dace a rubuta mutuwa ƙiri-ƙiri ba. Zancen tebur kuwa na ɗaga shi sama, na ce: "Haka kuma, batutuwan da suka shafi wurin sana'a da kadarorin iyali suna nan a yadda suke har zuwa yau, ba a yanke hukunci a kansu ba." Shi kuma "ya zo in gan shi", na ga uba ba ya roƙon ɗa, kuma ga haɗarin hanya, sai na rubuta: "Halartarka za ta kasance abin so, gwargwadon yadda yanayi da harkokinka suka ba da dama." Na cika tsakiya da bayanin halin da ƙasa ke ciki da muhimmancin zumunci, abin da Baba bai faɗa ba ko kalma ɗaya. Na rufe da "ka karɓi tabbacin kulawata ta musamman". Gaisuwar jikoki ta zama "dukkan waɗanda ke ƙarƙashin kulawarka".

Na koma zaure na miƙa masa. Ya juya ta, ya auna ta a hannu kamar tsoka.

"Duk ni na faɗi wannan?"

"Duk abin da ka faɗa yana ciki, Baba. Na dai gyara shi yadda ake yi."

Ban karanta masa ba. Bai ce in karanta ba. Na lura ma kamar ya ji sauƙi, don abin da ya fito daga bakinsa ɗazu ya yi masa nauyi, ga shi yanzu an rufe shi da tulin rubutu. Ya dangwala yatsa a tawada ya danna a ƙasa. Wata mai sayar da busasshen kifi, wadda ke tsallakawa duk ran da gari ya lafa, ita ta ɗauki wasiƙar.

Bayan kwana huɗu ta dawo. Ina zaure lokacin, na kai wa Baba ruwan zafi. Ta durƙusa a bakin ƙofa, ta yi ta gaisuwa ba ta son shiga magana. Da Baba ya gaji ya ce, "Me ya ce?"

"Ya ce ya ji. Ya ce a gaishe ka da jiki." Ta sunkuyar da kai. "Ya ce teburin kuma a yi yadda aka ga dama da shi, shi ba ya neman komai."

Baba ya kawar da ido daga kanta. Ya juya fuskarsa bango, ya ja mayafi. Ni kuwa na fito raina a ɓace, ina zagin ɗan a zuci. Na faɗa wa matata cewa wasu 'ya'ya zuciyarsu ta fi ƙashi tauri, a aika wa mutum takarda irin wannan, wadda ko gwamna aka aika wa sai ya tashi, ya mayar da amsa haka. Ta ce mini, "To me ka rubuta?" Na ce ba za ta gane ba.

A makon da ya biyo baya faɗa ya sake tashi ta wajen bakin kogi, tsallakawa ta tsaya cak. Muka koma zaman cikin ɗaki, muna fita in an yi shiru mu ɗebo ruwa. Baba ya daina cin abinci sosai. Da an ambaci Kusuri sai ya rufe ido. Maganarsa da ma gajera ce, yanzu ta ƙara gajarta, har wata safiya aka wayi gari bakinsa ya karkace, harshe ya ƙi juyawa.

Ranar da aka samu sauƙin harbi, Inna ta zo ƙarƙashin darbejiya. Ba ta taɓa zama a bencina ba, ranar ta zauna.

"Ɗana, an ce kana ajiye 'yar'uwar kowace takarda."

Na ce haka ne.

"Ɗauko. Ka karanta mini da Hausa. Kada ka gyara, ka faɗa mini yadda take."

Na ɗauko kwafin da ƙarfin gwiwa, har ina gyara murya. Na fara: "Ina da alfarmar sanar da kai ta wannan takarda..." A Faransanci maganar tana tafiya sumul. Da ta fito ta bakina da Hausa, a gaban tsohuwar da ta haifi wanda aka aika wa, sai na ji ta wani iri, kamar na sa takalmi sau-ciki na shiga masallaci. Na ci gaba dai. Da na kai wurin kadarorin iyali, muryata ta fara raguwa. Kafin in kai ƙarshe gumi ya jiƙa mini riga.

Ta ce, "Wa ke magana a nan?"

Na ce, "Baba ne."

"A'a. Shekara arba'in ina jin muryarsa. Ina bayan zana ranar, na ji abin da ya faɗa, na yi kuka don ban taɓa zaton zai iya faɗa ba. Wannan ba shi ba ne. Wannan wani ne da ba mu sani ba." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga. "Ka san abin da ya ce masa a kasuwa. Kana nan. Ya janye maganarsa, ka mayar masa da ita baki."

Na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce zan buga wata yanzu yanzu. Ta ce takarda ta riga ta yi abin da za ta yi, wata takardar kuma daga mashin ɗaya za ta fito, me zai sa ya yarda da ita? Ta miƙe ta gyara lulluɓi. Ba ta ce in je ba. Na dai gane.

Washegari da hantsi na bi mai kifi zuwa bakin kogi. Shinge biyu muka wuce, a kowanne na nuna takardar izinin da na buga wa kaina, mai cike da alfarma da girmamawa, kuma ta yi aiki kamar kullum. Na ji haushin hakan. Kwalekwalen ya cika maƙil da mata da buhuna, ruwa yana taɓa baki, ni kuma ban iya iyo ba. Ban ji tsoron kogin ba kamar yadda na ji tsoron abin da zan tarar.

Na sami ɗan Baba a gefen kasuwar Kusuri, yana yanka nama a teburin wani. Wanda ya tashi da teburinsa, yanzu ɗan ƙwadago ne, ana ba shi abin miya da yamma. Ya rame. Ya gan ni, ya ajiye wuƙa, muka gaisa sama-sama. Ya girme ni da shekara biyu, tare muka yi makarantar allo, amma ranar ya kalle ni kamar ɗan sanda.

Na ce na zo ne kan wasiƙar. Ya goge hannu, ya ciro ta daga aljihun ciki. Ta yi laushi don yawan buɗewa.

"Mutum uku suka karanta mini," ya ce. "Na farko malamin makaranta. Ya ce Baba ba ya jin daɗi, ƙafa ta hana shi yawo. Na ce to ya ce in zo? Ya ce in ka samu dama, in ba ka samu ba babu laifi. Ban yarda ba, na kai wa wani da ya yi aiki a kotu. Ya ce irin wannan takardar sanarwa ce. Ana aika ta in za a raba dukiya, don kada mutum ya ce daga baya ba a faɗa masa ba. Ya ce ba ka ga an rubuta ba a yanke hukunci ba tukuna? Wato za a yanke. Na uku ya ce shi bai ma gane abin da ake so ba."

Ya miƙo mini ita.

"Kai ka buga. Nuna mini da yatsa inda ya ce in zo."

Na karɓa. Na bi layi-layi, daga dalili har zuwa dangwalen yatsa, ina neman wurin da zan aza hannu. Shafi ɗaya da rabi. Babu. Akwai "halarta", akwai "abin so", akwai "gwargwadon yanayi", amma babu inda uba ya ce wa ɗansa zo. Na tsaya riƙe da takarda, ƙudaje suna sauka a kanta.

Na ce, "Ba ya ciki. Ni na cire."

Sannan na faɗa masa maganar Baba yadda ta fito, don ba ta bar kaina ba: ciwon ya kayar da shi, ba ya jin zai tashi, teburinka yana nan bai ba kowa ba, ka zo ya gan ka, ka gaishe masa da yaran.

Ya ce, "Sake faɗin na teburin."

Na sake.

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa. Inna tana ji."

Na zaci zai mare ni, kuma da ya yi da ban rama ba. Sai ya zauna a kan wani juyayyen bokiti, ya rufe fuska da hannu biyu. Da ya ɗago ya ce, "Na ɗauka ya sa an rubuta mini haka ne don in san na zama baƙo. Na ce tunda takardar ofis ce tsakanina da shi, to shi ke nan." Ya cire tufar aikinsa ya rataye. Ko gida bai koma ba, ya aika wa matarsa saƙo, muka nufi kogi.

Mun isa bayan la'asar. Baba yana da rai. Ɗan ya durƙusa a gefen tabarma ya ce, "Baba, na zo." Idon tsohon ya buɗe, ya tsaya a kansa. Bakinsa ya yi motsi, ya yi ta ƙoƙari, abin da ya fito gurnani ne kawai. Ya ɗaga hannun da ke aiki ya kama masa wuyan riga ya riƙe. Haka suka zauna har aka kira magariba. Ya rasu bayan kwana biyu, bai ƙara furta kalma ba. Daga ranar da na buga wasiƙar zuwa ranar da harshensa ya mutu kwana goma sha ɗaya ne, kuma a huɗun farko hanya a buɗe take.

Ban daina rubuta wasiƙa ba. Har aka gama yaƙin ina ƙarƙashin darbejiya, daga baya ma na koma ofis na yi shekaru. Ban kuma watsar da alfarma da girmamawa ba, don mai shinge da mai hatimi har gobe da su ake buɗe musu ƙofa, kuma wanda ya rubuta wa hukuma kamar yana kiran ƙaninsa ya cuci wanda ya aiko shi. Abin da ya canza shi ne na daina fara bugawa kafin in yi tambaya. Wa za a kai wa? Me kake so ya yi in ya gama ji? Wannan abin da ake so a yi, shi nake fara sawa, da kalmomin da ko wa ya karanta ba zai iya lanƙwasa su ba. In mutum ya faɗi abin da ya yi mini kama da shirme, tsohon bokiti ko akuya mai ɗingishi, sai in tambaye shi ko wancan zai gane. In ya ce zai gane, in bar shi yadda yake. Gaisuwa kuwa ina sawa daidai yadda mai saƙon zai yi in sun haɗu a hanya, ba ƙari. Kuma ba takardar da ta ƙara barin teburina sai na karanta wa mai ita da harshensa, jimla bayan jimla. In na ga yana gyaɗa kai da sauri yana cewa ta yi kyau, sai in yi shakka. In ya yi shiru, ya ce e, haka na ce, to ta yi. Wasu sun yi ƙorafi cewa takarduna sun rame, ba kamar da ba. Wani ma ya tafi wurin wani akawu a unguwar Gassi don a cika masa shafi. Ban hana shi ba.

Bayan sadakar bakwai ɗan ya buɗe teburinsa, ya bar na uban a rufe da buhu. Ba ya gaishe ni sai da kai, ni ma ban matsa ba. Wata rana da hantsi sai ga shi a bencina, Inna tana biye da shi. Ya ciro wasiƙar nan, ya buɗe shafi na biyu, ya nuna ƙasa inda babu rubutu.

"Buga mini abin da ya faɗa. A nan. Da Hausa."

Na ce ai ba ya karatun boko. Ya ce ya sani.

Na zura takardar a mashin. Layi huɗu ne, na buga su a hankali, sannan na karanta: "Ciwon nan ya kayar da ni, ba na jin zan tashi. Teburinka yana nan, ban ba kowa ba. Don Allah ka zo in gan ka. Ka gaishe mini da yaran."

Ya girgiza kai.

"Baba bai taɓa ce mini don Allah ba."

Na dubi Inna. Ta ce, "Bai faɗa ba."

Ban san lokacin da yatsuna suka ƙara ta ba. Na mayar da mashin baya, na danne kalmomin biyu da harafin x har suka ɓace, na sake karantawa.

"Ka zo in gan ka."

Ya ce, "Yauwa. Shi ne." Ya ninke takardar, sabon rubutun a waje, ya mayar aljihun ciki, ya koma kasuwa.